Hattara da adireshin "tallafin matasa" da ke yawo a Kaduna

Jama'a, don Allah ku tsaya ku karanta. Shekaranjiya ƙanwata da ke ɗinki a Kasuwar Barci ta yi asarar naira 7,500, kuɗin "tantancewa" na wani tallafi da aka turo a guruf ɗin unguwarmu. Da ta miƙo mini wayar hannunta na rawa, sai cewa take: "Yaya, ai na ga sunan gwamnati a jiki." Gaskiyarta, ta gani. Ga yadda adireshin yake, na ɗan sauya harufa don kada wani ya latsa:

```
https://tallafi.gov.ng.rajistar-matasa.xyz/kaduna
```

Ido yana fara karatu daga hagu, ya ci karo da `gov.ng`, zuciya ta kwanta. To, sunan shafi daga dama ake karanta shi. Ku tsallake `https://`, ku nemi sandar farko mai karkata `/`, sannan ku dawo baya. Abin da kuka fara tararwa shi ne wutsiya, a nan `.xyz`. Kalmar da ke manne da ita, `rajistar-matasa`, ita ce sunan da mutumin ya yi wa rajista. Su biyun nan kaɗai ne ke nuna mai gidan.

Duk abin da ke hagu da su, mai gidan ne ya rubuta da hannunsa, kyauta, ba mai tambayarsa. Kamar mutum ne ya kama hayar shago ya rataya allon da ya ga dama a ƙofa. Haka ma `/kaduna` ɗin ƙarshe, sunan wani ɗaki ne kawai a cikin gidan nasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne arahar abin. Suna mai wutsiyar `.xyz` ko `.com` kowa na iya kamawa cikin 'yan mintuna muddin ba a riga shi ba, ya biya kuɗin shekara ɗaya, ba a neman shaidar cewa shi hukuma ne. Amma `.gov.ng` ba a sayar wa kowa da kowa. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da `.ng`, ɓangaren `.gov.ng` kuma yana hannun hukumar NITDA, hukumomin gwamnati ake ba wa. Shi ya sa ɗan damfara ba ya iya sa shi a ƙarshe, sai ya cusa shi a tsakiya. A shafin gwamnati na gaskiya, daga `.gov.ng` sai sandar nan ko kuma adireshin ya ƙare, babu wani ɗigo da kalma a bayansa.

Kada `https` ko hoton kwaɗo su ruɗe ku. Ma'anarsu an kulle saƙon a hanya tsakaninka da shafin, ko na ɓarawo ne.

Ƙanwata ta shigar har da lambar katinta, don haka tun a daren muka kira banki aka toshe shi. Wanda ya cike fam ɗin nan ya yi haka yau, kuma a goge saƙon daga guruf.