Teburin da OCR ya birkita: gyara da hannu ko sake karantawa?

Idan OCR, wato tsarin da ke karanta rubutu daga hoto, ya karanta 0 a matsayin harafin O, ko 1 a matsayin harafin l, gyara da hannu ya fi sauri. A Excel, zaɓi layin kuɗi kaɗai, danna Ctrl+H ka musanya, sannan ka gwada `=ISNUMBER(C2)`. Duk inda FALSE ya fito, ba a ɗauki abin da ke gurbin a matsayin lamba ba, wataƙila harafi na ɓoye a ciki. Amma 8 da ta zama 3 ba za ta nuna ba, sai ka haɗa jimilla ka kwatanta da ta takarda.

Gocewar layuka daban ce. Gurbi ɗaya da ba komai cikinsa kan jawo sauran lambobi hagu, farashi ya faɗa ƙarƙashin adadi. A nan ni dai na fi son a miƙe takardar, a sake ɗaukar hotonta a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, domin gyaran hannu zai kai ka duba kowane layi.