Adaidaita a Damagaram: balas, biya-ka-mallaka ko sayen hannu?

Mai son shiga sana'ar adaidaita a garin nan hanya uku ce a gabansa. Balas na kullum ba sai mun daɗe a kansa ba: ka yi shekara kana kai wa mai keke kuɗi, ko ƙusa ɗaya ba taka ba ce. Na mai koyon hanya ne, wata biyu ko uku.

Biya-ka-mallaka ita ke ruɗin matasa, don sabon keke ake miƙo maka ba ka ajiye komai ba. Amma zauna ka yi lissafi. Mu ɗauka keken da za a sayar maka miliyan 1 da jika 300 kuɗi hannu, aka yanka maka jika 4 kullum, kwana 6 a mako, har wata 18. Mako 78 ke nan, jimla miliyan 1 da jika 872. Ka ɗora jika 572 a kan farashi, ga mai, ga juyen baƙin mai, ga taya, duk a wuyanka. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ma balas bai san da wannan ba.

Ni dai, in da hali, na fi son mutum ya haɗa adashi ya sayi na hannu mai lafiya. Ranar da kasuwa ta mutu ka koma gida ba mai buga maka waya. Ranar kasuwar Mirriya ka ga dama ka ɗauki kaya, ba wanda zai ce kada kekensa ya fita gari. In ka gaji ka sayar, wani abu ya dawo aljihu. Sai dai ka tafi da makanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma da sassafe, inji na sanyi. In ka taɓa ka ji da ɗumi, an riga an tashe shi ne don a ɓoye wuyar tashi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa, injin na shan baƙin mai.

Takardu su ne inda ake cin mutane. Keke da yawa ta Kano suke shigowa, wasu ba su taɓa ganin duwan ba. Durƙusa ka goge lambar shasi da tsumma, ka gwada ta da ta kart giriz harafi-harafi. Ka ga alamar goga ko sabon fenti a wurin, tashi ka tafi. Kada ka yarda da hoton takarda a waya, ko “asalin na wajen yayana”.

Wanda ya zama dole ya shiga biya-ka-mallaka, a rubuta a gaban shaidu: kwana nawa na fashi kafin a karɓe keke, kuma in an karɓe, ina makomar abin da aka biya. Na san yaron da ya kusa gamawa, ya yi fashin mako biyu, aka ɗauke keken aka ce duk abin da ya zuba kuɗin haya ne. Kowane biya a sa hannu a littafi, naka kofin a wurinka.