Amsa biyu kan rarar kuɗina, kamar ba daga kamfani ɗaya ba

Kayan da na yi oda sun iso lafiya, ba su ne suka sa ni rubutu ba. Wajen biya ne shafin kamfanin na intanet ya tsaya cak, ya ce kuɗi bai shiga ba, a sake gwadawa. Na sake. Sai ga saƙon banki har biyu, an cire mini kuɗin oda ɗaya sau biyu. Nan take na tura musu hoton saƙonnin da lambar odar.

Ga amsar da na samu: "Kin biya sau biyu. An sa rarar a asusunki na shafinmu. A riƙa dubawa kafin a sake biya."

Ko sallama babu. Shafinku ne ya ce in sake, amma ni za a yi wa faɗa? Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne an yanke hukunci kan kuɗina ba a tambaye ni ba. Wa ya ce musu zan ƙara sayen wani abu a wurinsu? Kuma ba a faɗi nawa aka ajiye ba, ba a ce ko zan iya cirewa ba. Na mayar musu da martani mai zafi, na ce kuɗina nake so.

Wadda ta amsa karo na biyu shugabar sashen ce, kuma gaskiya ta san aikinta. Ta rubuta: "Assalamu alaikum Hajiya. Ki yi haƙuri da amsar da aka fara turo miki, bai kamata a ɗora miki laifi ba. Mun duba, biya biyu sun shigo mana kan oda ɗaya, don haka muna riƙe da rarar kuɗinki daidai da kuɗin odar. Zaɓi naki ne: mu mayar miki kan katin da kika biya da shi, wanda yakan ɗauki kwanakin aiki 5 zuwa 10 kafin ki gani, ko mu bar shi a asusunki ki yi sayayya da shi daga yau. Wanne ya fi miki?"

Kuɗin dai bai dawo ba tukuna a lokacin, amma hankalina ya kwanta, don ta furta cewa kuɗin yana hannunsu. Ta kuma yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Wani lokaci cirewa ta biyu riƙewa ce kawai banki ya yi, kuɗin bai kai ga mai kaya ba, kuma da kansa yake sakinsa. A irin wannan babu abin da kamfani zai mayar, sai jira. Nawa kuwa duka biyun sun kammala shiga, shi ya sa dole su ne za su tura. Da na ce a sa mini a wani asusun bankina, ta ƙi cikin ladabi, ta ce ta hanyar da kuɗi ya zo yake komawa, saboda masu biya da katin sata su nemi a mayar musu wani wuri. Na gamsu. Bayan ta tura ta ba ni lambar ARN, wato lambar shaidar kuɗin da aka mayar kan kati, ta ce idan wa'adin ya wuce ban ga komai ba, ita zan kai wa bankina su bi sawu. Ba ta nemi lambar sirri ta katina ba, ba ta nemi wadda ake turowa a waya ba.

Har na fara shirin ba su tauraro biyar. Sai na tuna na tambaye ta, da na bar kuɗin a asusun shafin fa? Nan ne ta ce ai yana da wa'adi, idan ya cika ba a kashe ba ya tafi, kuma da zarar an amince ya zauna can ba a mayar da shi kati. To ashe abin da ma'aikacin farko ya zaɓa mini ke nan, shiru, ba tare da na sani ba! Ita ma duk da daɗin bakinta ba ta sa wannan sharaɗi a saƙonta ba, sai da na tono. Gabatar mini da zaɓi biyu kamar daidai suke alhali ɗaya yana da tarko, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Kuɗin ya shigo cikin wa'adin da ta faɗa, cif-cif. Cajin da banki ya ɗauka kan cirewa ta biyu kuwa babu wanda ya ce uffan a kansa, ni na ɗauka, duk da shafinsu ne ya jawo. Tauraro uku na ba su, biyu daga ciki na matar nan ne.