Sharhi kan injin markaɗe mai aiki da janareta da na saya a Legas

Na sayi injin markaɗe mai motar lantarki ta ƙarfin doki uku tare da janaretan fetur a wurin wani dillali, na kafa su a shagona da ke Agege, inda yawancin aikinmu markaɗen tattasai da wake da jiƙaƙƙiyar masarar koko ne. Injin kansa yana da kyau, domin yana fitar da markaɗe mai laushi, kuma matan unguwa sun yaba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne lissafin kuɗin wata da dillalin ya rubuta mini a bayan rasit, wanda a kansa na dogara na biya.

Ya ce mini: "Alhaji, lita ɗaya a awa za ta ishe ka." A lissafinsa, awa 6 a rana cikin kwanakin aiki 26 zai kama lita 156, wato naira 140,400 idan lita tana naira 900. Ya ƙara 60,000 na albashin yaro da 10,000 na gyara, ya ce duka ba zai wuce 210,400 ba. Da muka fara aiki sai na riƙa cika tanki da safe, in sake cika shi da yamma, in rubuta abin da ya sha. Idan ana markaɗe, janaretan yana shan kusan lita biyu a awa, kuma ko a lokacin da yaro ya bar shi yana kuka babu aiki, yana jiran mai zuwa da roba ɗaya ta tattasai, fetur yana ci gaba da tafiya. Abin ya tsaya a lita 12 a rana, wato 312 a wata, kuɗinsu 280,800. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk mai sayar da irin wannan kaya ya san cewa kuskuren lita ɗaya a awa yana iya cinye ribar shago gaba ɗaya.

Da na yafe masa wannan, amma sai motar ta ƙone ana tsakar aiki. An ɗauke hannu daga markaɗen masara, ragowar ta daskare tsakanin farantan da ke ɗaure, yaron ya kunna motar a haka. Janaretan ya yi nishi, ƙwan shago ya dushe, motar ta yi ta gunji ba ta juya ba, sai warin ƙonewar waya ya tashi. Mai naɗin kwayil ya bayyana mini cewa motar lantarki tana jan wuta ninki da yawa a daƙiƙun da take tashi, kuma lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin janareta ita ce ƙarfinsa na ɗan lokaci, wanda ya fi ƙarfin da yake iya riƙewa yini guda. Nawa janaretan ya yi wa wannan motar kaɗan, shi ya sa wutar ta faɗi maimakon ta tayar da ita. Naɗin ya ci 55,000, shago ya zauna a rufe, albashi kuma yana tafiya. Da na koma wurin dillalin, sai ya ce garanti bai shafi ƙonewa ba, alhali shi ne ya haɗa mini motar da janaretan da hannunsa.

Gyaran yau da kullum ma ya zarce abin da ya rubuta. Janaretan da ke aiki fiye da awa 150 a wata yana buƙatar canjin baƙin mai sau biyu ko uku, ga wasa farantai, ga bel da boris da fulogi. Farantan da suka dakushe suna ƙara shan mai, domin sai an maimaita markaɗe, kuma ana gane su da ɗumin ƙullu da tsakin da ke fitowa a cikinsa. Yanzu ina ware 45,000 a wata, har da ajiyar babban gyara. Yaro kuwa ba ya zama a Legas da albashi kaɗai, sai da kuɗin abinci 1,500 a rana, wanda ya kai nasa 99,000. Jimillar ta zama 424,800, ninki biyu na lissafin dillali, ban sa kuɗin hayar shago da na ruwa ba.

Na rage asarar da tara aiki: sai robobi sun taru ake tayar da janareta, ana sassauta farantai kafin a kunna mota, a kashe da zarar an gama. Fetur ya sauko zuwa lita 9 a rana, wanda ya rage 70,200 a wata, ko da yake wasu masu gaggawa sun koma wurin maƙwabcina. Injin zan iya sake sayensa, amma ba zan sake karɓar janareta daga wannan dillali ba sai an ɗora masa motar a gabana, an zuba lita ɗaya, an markaɗa masara har ta ƙare muna duba agogo.