Sikelin da ba ya canza magana da sikelin da ke faɗin gaskiya

Tambaya: "Assalamu alaikum. Malamai, ni ɗaliba ce a fannin ɗakin gwaje-gwaje a Birnin Kebbi. Na auna abu ɗaya sau biyar, lambobin suka fito kusan iri ɗaya, amma aka ce min awona yana da firisishan, ba shi da akurasi. Ni dai da nake gani duk abu ɗaya ne. Mene ne bambancinsu?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mu fara daga kasuwa kafin mu shiga ɗakin gwaji. Kin san mai awon da ya bubbuge gindin kwanonsa ya turo shi ciki. Ko sau goma ya auna miki shinkafa, duk awon zai zo daidai da ɗan'uwansa, amma kowane kwano da ya zuba miki bai cika ba. Kwanon nan ba ya canza magana, sai dai maganar tasa ƙarya ce. Rashin canza maganar shi ne firisishan, ni ina kiransa maimaituwa, wato yadda awo ke zuwa kusa da juna idan an sake. Akurasi kuma ina kiransa sahihanci, wato yadda awo ya kusanci ainihin nauyin abin. Maimaituwa za ki iya gane ta daga lambobinki kaɗai. Sahihanci kuwa ba ya ganuwa sai kin kawo wani abu daga waje wanda an riga an san nauyinsa.

Shi ya sa ake ajiye dutsen awo na gwaji, ɗan curin ƙarfen nan da ke kwance a akwatinsa, an rubuta nauyinsa a jiki. A ce muna da na giram 20.000, ga kuma sikeli biyu a kan tebur. Mun ɗora dutsen sau biyar a kan kowanne, kowane karo muna sauke shi kafin mu sake ɗorawa. Lambobin misali ne na tsara don lissafi ya fito fili.

| Karo | Sikeli na farko | Sikeli na biyu |
|---|---|---|
| 1 | 20.148 | 19.921 |
| 2 | 20.151 | 20.088 |
| 3 | 20.149 | 19.970 |
| 4 | 20.152 | 20.062 |
| 5 | 20.150 | 19.969 |
| Matsakaici | 20.150 | 20.002 |

Dubi na farko. Tsakanin lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta giram 0.004 ne kacal, wato miligiram 4. Duk wanda ya ga wannan jeri zai ji hankalinsa ya kwanta. Amma dutsen giram 20.000 ne, shi kuma sikelin yana ta nanata 20.150. Ya ƙara giram 0.150 a kowane awo, kashi 0.75 cikin 100 ke nan. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya same ki.

Na biyu kuma ya warwatse: daga 19.921 har 20.088, tazarar giram 0.167, ta ninka ta na farko fiye da sau 40. Amma da aka haɗa su aka raba biyar, sai ga 20.002, kusan a kan gaskiya. Wani awon ya wuce, wani ya gaza, suka cinye juna.

A rahoto ba tazara kaɗai ake rubutawa ba, ana auna warwatsuwar ne da wannan lissafi:

```
s = √( Σ(x − x̄)² / (n − 1) )
```

A nan `s` ita ce warwatsuwar, x kowane awo, x̄ matsakaici, n kuma yawan awon. Idan a Excel kika jera lambobin daga A1 zuwa A5, `=STDEV.S(A1:A5)` zai fitar miki da shi. Na farko zai ba ki wajen giram 0.0016, na biyu wajen 0.070. Ki lura da kyau, babu inda 20.000 ya shiga wannan lissafin. Da dutsen giram 19 ne ko 25, amsar `s` ba za ta motsa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ƙanƙantar `s` ba shaida ce ta gaskiyar awo ba. Sahihanci lissafinsa daban ne: matsakaici a cire ainihin nauyi. Na farko ya kauce da 0.150, na biyu da 0.002.

To wanne ya fi? Idan ni aka ba zaɓi, na farko zan ɗauka, kuma ɗalibai kan yi mamakin haka. Dalilina shi ne ciwonsa guda ɗaya ne, kuma yana da magani: a saita shi da dutsen gwaji, shi ke nan ya zama sikeli na ƙwarai. Na biyu kuwa duk awo guda da ya ba ki, ba ki san ko ya ɗara da 0.09 ko ya gaza da 0.08 ba. Kuma a aikin yau da kullum sau ɗaya ake auna garin magani a zuba a ruwa, ba wanda ke tsayawa ya auna sau biyar. Har 20.002 ɗin nan da ya ba mu akwai sa'a a ciki. Idan kika raba 0.070 da tushen 5, za ki samu wajen 0.03, ma'ana da an sake wani jerin biyar, matsakaicin zai iya fitowa 19.97 ko 20.03 ba tare da komai ya canza ba. Yawan maimaitawa yana rage warwatsuwar matsakaici, amma a hankali: kafin ki rage ta sau 10 sai kin auna sau 100. Shi kuwa kaucewar sikeli na farko, ko sau 1,000 kika auna, 0.150 ɗin na nan daram.

Yanzu ga wurin da na fi so ki tsaya, domin kaucewa iri biyu ce, kuma dutse ɗaya ba ya bambanta su. Ɗauko dutse na biyu, na giram 10.000, ki ɗora a sikeli na farko. Idan ya nuna 10.150, to ƙarin bai damu da nauyin abin ba, kullum 0.150 ne. Wannan matsalar sifili ce: wataƙila an manta a danna `TARE`, maɓallin da ke mayar da allo sifili, ko wani ɗan gari ya zube a kan faranti bayan an danna. Irin wannan mai sauƙi ce, tana ma ɓacewa da kanta idan kika auna kwalba da kaya, kika sake auna ta bayan kin juye, kika cire wannan daga wancan, saboda ƙarin yana cikin awo biyun. Amma idan ya nuna 10.075, ƙarin yana tafiya da nauyi ke nan, rabin nauyi rabin ƙari. Wannan saitin sikelin ne ya goce, kuma cire awo daga awo ba ya kawar da shi. Sai an shiga `CAL` an ɗora dutsen da littafin sikelin ya ce a ɗora.

Ga abin da irin na biyun ke jawowa. An ce ki haɗa ruwan Na₂CO₃ mai ƙarfin mola 0.1, giram 5.300 a mililita 500. Kin zuba har allo ya nuna 5.300, alhali ainihin abin da ke kan faranti wajen 5.261 ne. Ruwanki ya zama mola 0.0993, ke kuma kin rubuta 0.1000 a jikin kwalba. Duk taitireshan ɗin da aka yi da ruwan nan zai fito da lambobi masu kyau, uku a jere kusan iri ɗaya, kuma dukkansu sun kauce da kashi 0.75 cikin 100. Babu abin da zai tona asirin a cikin littafin aikinki. Mutanenmu masu cinikin zinari a Anka da Maru sun san wannan darasi tun kafin mu: giram 0.150 a kan kowane giram 20 ba abin da za a yafe ba ne, shi ya sa mai sayarwa mai wayo kan nemi a sake ɗorawa a sikelin wani.

Na taɓa cin karo da haka a wani ɗakin gwaji da na yi aiki. An ɗauke sikeli daga wani tebur zuwa wani don a yi fenti, aka mayar da shi, ba wanda ya duba kumfar nan ta ruwa da ke nuna ko ya zauna daidai. Kumfar ta fita daga da'irarta. Mun yi kwanaki muna yaba wa sikelin saboda ba ya rawa, sai ranar da na ɗora dutsen gwaji. Sikelin lantarki ƙarfin da nauyi ya danna ƙasa yake ji, saboda haka idan ya karkace, ko aka kai shi wani gari inda jan ƙasa ya ɗan bambanta, ko zafin ɗaki ya canza sosai daga lokacin da aka saita shi, zai ci gaba da maimaita lamba ɗaya cikin natsuwa, lambar ce dai ba daidai ba.

Abubuwan da ke kawo warwatsuwa irin ta sikeli na biyu kuwa yawanci ana ganinsu da ido: fankar sama tana kaɗawa an bar ƙofar gilashin sikeli a buɗe, janareta yana girgiza tebur, wani ya jingina da benci, ko ana ajiye kaya yau a tsakiyar faranti gobe a gefe. Da hunturu akwai ƙari, domin busasshiyar iska tana sa kwanon roba ya tara irin wutar nan da ke sa mayafi ya manne a jiki, sai lamba ta ƙi tsayawa. Idan kuma kika ga lambobin ba tsalle suke ba, hawa suke a jere, kamar 20.148, 20.153, 20.159, to wani abu ne daban: ko kayan suna shan danshin iska, kamar yadda NaOH ke yi, ko an ɗora su da zafinsu suna hucewa a kan faranti. Abu mai zafi yakan nuna ƙasa da nauyinsa saboda iskar da ke tashi a gefensa, shi ya sa ake barin sa ya huce tukuna.

Kada yawan lambobin bayan ɗigo su ruɗe ki. Sikelin nan biyu duk lamba uku suke nunawa bayan ɗigo, amma a na biyu lambar ƙarshe ado ce kawai, tunda ta farkon ma ba ta tsaya ba.

Wata 'yar gyara saboda jarrabawa. A ƙa'idar ISO 5725, kusantar matsakaici da ainihin nauyi suna ne daban gare ta, gaskiyar awo, kuma ba a cewa awo yana da sahihanci sai ya haɗa ta da maimaituwa. A wannan ma'auni duka sikelin namu sun faɗi, kowanne ta gefensa. Littattafan aji da yawa ba sa zurfafawa haka, suna cewa na biyu sahihi ne mara maimaituwa, saboda haka ki duba wanda malaminku yake bi.

Gobe idan kin shiga, ki kunna sikelin ki bar shi ya ɗumama gwargwadon yadda littafinsa ya ce, ki duba kumfa, ki kashe fanka, ki roƙi mai kula da ɗakin ya ba ki duwatsu biyu masu nauyi daban. Da hantsaki za ki ɗauke su, kada yatsa ya taɓa, domin maiƙon hannu yana ƙara musu nauyi yana kuma ɓata su. Ki auna kowanne sau biyar, ki turo min lambobi goman mu ga ko sifili ne ya goce ko saiti.