Biskit mai shuɗiyar leda ko mai rawaya: wanne za a ba yaron da jikinsa ba ya karɓar madara?

"Likita ya tabbatar mana cewa jikin ɗana ba ya karɓar madarar shanu, da ya sha sai borin jini da kumburin leɓe. Ga hoton bayan ledar biskit iri biyu, mai shuɗi da mai rawaya. Don Allah a karanta mini, wanne zan ba shi?"

'Yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Mai rawaya za ki ɗauka, amma da sharaɗi guda wanda zan zo kansa.

A hoton mai shuɗi na karanta garin alkama, sukari, man girki, sodium caseinate, gishiri da kayan ƙamshi. Na huɗun nan furotin ɗin madara ne tsantsa, kuma shi da ɗan'uwansa da ake rubutawa whey su ne ainihin abin da jikin yaro irin naki yake yaƙa. Rubutun lactose free da aka buga da manyan baƙaƙe a saman ledar bai shafe ki ba, domin abin da yake nufi shi ne babu sukarin madara, wanda ke sa wasu kumburin ciki da gudawa, alhali furotin ɗin yana nan daram. Na taɓa sayen mai shuɗin sau ɗaya, yana da daɗi ba laifi, amma maƙwabta ne suka cinye shi.

Mai rawaya kuwa yana ɗauke da garin alkama, sukari, man girki, garin koko, cocoa butter, E322, gishiri da E500. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, don haka na bi jerin har wutsiyarsa, tun da ɗan abin da ke ƙarshe ma ya isa ya tayar da ciwon. Iyaye da yawa suna ganin cocoa butter su zaci man shanu ne su mayar da leda kan kantar shago, alhali kitsen 'ya'yan koko ne, babu ruwansa da saniya. E500 soda ce da ke sa kwaɓi ya tashi. E322 shi ne wanda zan ja wa layi, saboda galibi daga waken soya ake samunsa, wani lokaci kuma daga ƙwai, kuma akwai yaran da matsalar madara take haɗe musu da ta soya. Idan likita bai hana shi soya, ƙwai ko alkama ba, ban ga abin tsoro a jerin ba. Mai rawayan nake ajiyewa a gida saboda 'yata mai irin wannan lalura. Ranar da aka yi walimar ƙarshen zango a makarantarsu na saka mata shi a jaka, ta zauna cikin ƙawayenta tana ci kamar kowa, ta dawo da garin koko a gaban riga babu ko ƙurji ɗaya a jikinta.

Sharaɗin shi ne, a hotonki ledar ta naɗe daidai ƙarƙashin jerin, kuma a nan ne kamfanoni suka saba rubuta may contain milk, wato gargaɗin cewa wataƙila madara ta taɓa shi a injin da ake sarrafa wasu kayan. Ki miƙar da ledar, ki kashe fitilar kyamara don kada walƙiya ta cinye rubutun, ki sake ɗauka daga kusa. Ledar da ke hannuna ba ta da wannan layi, sai dai kamfani yakan sauya haɗi, kuma kaya mai suna ɗaya yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka taki ce hujja, ba tawa ba. Idan kika ga layin, kada ki ba shi sai kin ji ta bakin likitansa. Kada kuma ki dogara da neman kalmomin da aka ƙara wa kauri kawai. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta fito da abubuwa 14 masu tayar da irin wannan ciwo fili a cikin jerin, Amurka tana da 9 tun da aka ƙara riɗi a 2023, amma ba kowace leda ce aka buga bisa waɗannan dokoki ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa marasa amana. Akwai masu liƙa takarda a kan ranar ƙarewar wa'adi har ta rufe rabin jerin, akwai kuma masu fasa babban kwali su ƙulla a farar leda su ce miki ai iri ɗaya ne. Duk abin da ba ki ga jerinsa cikakke da idonki ba, ki bar musu kayansu, ko da sun rantse babu madara.

Ranar farko ki ba shi kaɗan da rana kina kusa. In kika ga harshe ko leɓe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi yana fita da ƙyar, ko amai ya ƙi tsayawa, ki yi masa allurar adirenalin idan likita ya rubuta muku ita, sannan ku nufi asibiti nan take ko da ya nuna alamar sauƙi.