Na gwada ShredOS kafin in ba da tsohuwar kwamfutata

'Yar ƙanwata ta samu gurbi a Jami'ar Jihar Gombe, na ce ta zo Tudun Wada ta karɓi tsohuwar laftof ɗina. Shekara shida ina ajiye lissafin ƙungiyar adashenmu a cikinta, har da lambobin BVN na mutane. Na yi mata fomat, na ɗauka shi ke nan. Don dai in kawar da shakka, bayan na sake sa Windows sai na kunna Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, sai ga hotunan katin shaidar mambobi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ashe fomat na gaggawa jerin sunayen fayiloli kawai yake sharewa, su kuwa suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu.

Aikin manhajar ShredOS ke nan, ya bi faifan ajiyar kwamfutar daga farko har ƙarshe yana rubutu a kai. Kyauta ne. Na sa shi a filash da manhajar Rufus, na tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Babu ado ko kaɗan, shuɗin allo ne da jerin faifai. A nan ake son natsuwa, domin duk faifan da ke jone yana iya fitowa, kuma wanda ka zaɓa ya tafi har abada. Da girmansa na gane nawa, 500GB. Na danna `Space` na zaɓe shi, `M` ya nuna hanyoyin gogewa, `Shift+S` ya fara aiki.

Akwai hanyar Gutmann mai zagaye 35, wadda aka tsara a 1996 don faifan wancan zamani. Ɓata lokaci ce. Na ɗauki PRNG Stream, mai rubuta lambobi barkatai, zagaye ɗaya, ya bi da sifili, ya sake karantawa don tabbatarwa. Wajen awa biyar ya ci. Karon farko ma an ɗauke wuta ana tsakiya, batirin kuma ya daɗe da mutuwa, dole na koma farko washegari da janareta, ina lissafin kuɗin mai.

Da ya gama na sake sa Windows, na saki Recuva da bincike mai zurfi. Ko hoto ɗaya nawa bai fito ba.

Amma tawa mai faifan da ke juyawa ce. Da SSD ce, ma'ajiyar zamani marar faifan juyawa, da ban dogara da wannan kaɗai ba, saboda ita tana sauya wurin rubutu da kanta, tana kuma da ɓoyayyen sarari da rubutun ba ya kaiwa. Ita sai umarnin gogewa na Secure Erase ko Sanitize, daga BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ko manhajar kamfanin da ya ƙera ta.

Da yarinyar ta zo ta buɗe, sai ta ce, "Kawu, ai ba komai a ciki, ko hotunan bikin Yaya?" Waɗannan na riga na kwashe su a wani filash tun kafin in fara, na miƙa mata.